Ina fowadin ke kawar da jira a bututun furosesa mai matakai biyar?

Tambaya: "Malamai, ina karatun kwamfuta a nan Kaduna. An ce fowadin na hana jira, to me ya sa har yanzu ake tsayawa bayan `lw`?"

Ɗan'uwa, fowadin shi ne miƙa sakamako kai tsaye ga umarni na gaba tun kafin a rubuta shi a rajista. Duba matakin da sakamako ke fitowa, da matakin da ake buƙatarsa.

```
lw  $t0, 0($s1)
add $t2, $t0, $t3
```

Da `sub` ce a sama, sakamakonta na samuwa a ƙarshen `EX`, matakin lissafi, sai a miƙo shi kai tsaye daga `EX/MEM`, rajistar da ke tsakanin matakan biyu, babu jira ko kaɗan. Ita kuwa `lw`, mai ɗauko ƙima daga ma'adana, sai ƙarshen `MEM`, matakin karanta ma'adanar, take samo ƙimar, a zagaye na 4, alhali `add` na son ta tun farkon wannan zagayen. Waya ba ta mayar da lokaci baya. Dole a tsaya zagaye ɗaya, sannan a miƙo daga `MEM/WB`.

In ka sami wani umarnin da bai taɓa `$t0` ba, cusa shi tsakaninsu, jiran ya tafi.