Amsar da na ba ƙanwata ta Jos kan haɗa tambayoyin bita daga lakca

"Anti don Allah ina Jos, na samu gurbin karatun jinya a Birtaniya, watan Satumba zan taho in sha Allah. An ce can ba a cika samun tsofaffin takardun jarabawa kamar nan ba. Ya kike haɗa tambayoyin bita da kanki ba tare da kin bar wani ɓangare ba?"

Ƙanwata barka da arziki, Allah ya sa a fara a sa'a. A kwas ɗin da na yi dai samfuri ɗaya tal aka ba mu, sauran kowa tasa ta fisshe shi. Semesta ta farko na rubuta tambaya kusan 150 a fiziyoloji, sai ana saura sati na ƙirga na ga fiye da rabi duk kan zuciya ne don shi nake jin daɗi, ƙoda kuwa ko 10 ba su kai ba, kuma ƙodar ce ta kayar da ni. Tun daga nan ba na rubuta tambaya ko ɗaya sai na fara yin kasafi.

Ki ɗauki jadawalin kwas ki ƙirga awa nawa aka ba kowane fanni. Misali zuciya awa 10, numfashi awa 6, ƙoda awa 4, jimla 20. In tambaya 100 kike so, zuciya ta samu 50, numfashi 30, ƙoda 20. In malami ya faɗi yadda zai raba maki to ki bi nasa ki bar lissafin awa, nasa ya fi.

Sai kuma wahala, nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, don tambayar hadda ta fi sauƙin rubutawa sai ki ga duk ita kika tara. Ni mataki uku nake yi kuma daga layi ɗaya na lakca ake fitar da duka ukun. A ce malam ya rubuta cewa jinin da zuciya ke turawa a minti ɗaya shi ne abin da take turawa a bugu ɗaya sau yawan bugun. Mataki na 1 ki tambayi ma'anar kawai. Mataki na 2 ki sa lamba: mililita 70 a bugu ɗaya, bugu 72 a minti, nawa kenan? Amsa 5,040, wato wajen lita 5. Mataki na 3 ki kawo mara lafiya: mace ta zubar da jini bayan haihuwa, bugunta ya haura 120 amma awon jininta yana sauka, me ya sa? Nan dole ki tuna jinin da ke komawa zuciya ya ragu, don haka abin da take turawa a bugu ɗaya ya faɗi, saurin bugun ƙoƙarin cike giɓi ne kuma bai isa ba. Irin wannan ɗaya ta kan ci min minti goma wajen rubutawa, amma wallahi rubutawar ma karatu ce. A ƙoda mai tambaya 20 sai in yi 6 na farko, 10 na biyu, 4 na uku.

A Excel nake zubawa, ko Google Sheets in a waya kike, kowane abu da kolum ɗinsa: kolum A tambaya, B fanni, C mataki, D amsa, E lambar lakca da shafi. Kar ki raina E ɗin nan, ranar da kika yi shakkar amsarki ita za ta kai ki gurin nan take. Ƙirgawa kuma ga shi, zai gaya miki masu wuya nawa kike da su a ƙoda:

```
=COUNTIFS(B:B,"koda",C:C,3)
```

Ki rubuta sunan fanni iri ɗaya kullum, in yau kin sa ƙ mai lanƙwasa gobe k, ƙirgar za ta fito ba daidai ba.

Abu ɗaya da nake roƙonki, kar ki kwafe jimlar malam ki cire kalma ɗaya ki ce tambaya ce. Idonki zai gane layin ki ɗauka kin iya, ranar jarabawa a juya maganar ki tsaya. Ki rufe littafin tukuna ki rubuta da bakinki, sannan ki buɗe ki duba amsar. Kuma ki yi a ranar lakcar, biyar ko shida sun isa, ba sai an taru ba.

Bayan kwana uku ki ɓoye D ki amsa, ki ƙara F kina sa 1 in kin ci, 0 in kin faɗi. Wadda kika sa mata mataki na 3 amma kin ci sau uku a jere ba tare da tunani ba, kin haddace ta kenan, ki canza lambobin ko ki canza mara lafiyar. Wadda kuma kike ta faɗuwa, ki fara duba ko tambaya biyu kika cusa a ɗaya, sau da yawa matsalar kenan, sai ki raba ta.

Tunda akwai sauran lokaci ki gwada da tsohon littafin fiziyolojinki na nan Jos, fanni ɗaya tambaya 20, ki turo min ta WhatsApp in duba miki matakan. Ki gaida su Mama.