Makarin bene da ƙananan yara

Tambaya: “Ina da yara ƙanana biyu, zan sa a yi wa matakalar benenmu ƙarfen riƙewa. Wane tsawo zan ce wa mai walda?”

Ka sa ya yi biyu. Na manya santimita 90, a auna daga bakin matakala zuwa saman ƙarfen, na yara kuma santimita 60, a jikin bango. Kada a liƙa na yaran a buɗaɗɗen gefe, domin yaro zai mayar da shi abin hawa.

Mariƙan da ke ɗaure shi da bango kada tazararsu ta wuce mita 1. Nan aka fi yin kuskure: a kafa su cikin holon bulo, bayan ’yan watanni su fara lilo. A cike ramin da kankare tukuna, in kuma kana shakkar bangon, kira injiniyan gini.

Bututun ya zama zagayayye, kaurinsa kamar santimita 3 ga yara, yadda yatsunsu za su zagaye shi. Falalen ƙarfe dafawa kawai ake yi, ba ya riƙuwa in ƙafa ta zame. A bar santimita 4 zuwa 5 tsakanin bututun da bango, a goge kaifin walda, a lanƙwasa ƙarshensa ya koma bango don kada ya kama riga.