Nawa zan caji Hajiya a wata don kula da shafinta?

Assalamu alaikum, Malam. Wata huɗu ke nan ina kula da shafin Facebook da Instagram na wata Hajiya mai shagon atamfa da leshi a Babbar Kasuwar Sakkwato. Dubu 15 take ba ni a wata, ga data daga aljihuna, kuma ko ƙarfe sha ɗaya na dare ne sai ta kira ta ce in ɗora sabon kaya. Yanzu wani mai kilishi ya ce in faɗi farashina, na rasa abin cewa. Yaya zan tsara aikin wata, kuma nawa zan nema?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki ba mai kilishi amsa sai kin zauna da takarda da biro. Kuɗin wata daga jadawalin aiki yake fitowa, kuma ke har yanzu ba ki da jadawali, shi ya sa Hajiya take ganin dubu 15 ɗin nan ta saye ki ne dare da rana. Ban ga laifinta sosai ba. Ba ki taɓa nuna mata inda aikin ya tsaya ba.

Mu fara da shagon atamfar, tunda shi kika sani. Ki zana wata guda a takarda, ki ware kwana uku a kowane mako, mu ce Litinin da Laraba da Asabar. Ɗori 12 ke nan a wata: hotuna 8 da gajerun bidiyo 4. Kowane gurbi ki rubuta masa abin da zai fita da kuma dalilin fitarsa. Mafi yawansu kaya ne da farashi a rubuce ƙarara, domin "a tuntuɓe mu don jin farashi" yana korar mai saye, kuma yana cika miki akwatin saƙo da "nawa ne?" ɗari. Sauran ki bar su ga abin da yake sa a yarda da shago: bidiyon yadda ake warware leshi a ga faɗinsa da nauyinsa, yadda ake ɗaure kayan da za a aika Birnin Kebbi ko Gusau ta tasha, saƙon wadda ta karɓi kayanta ta yaba. Wannan na ƙarshe sai da izininta, a kuma rufe suna da lamba. A garin nan, ɗora hoton matar wani ba da yardarta ba zai iya jawo miki maganar da dubu 15 ba za ta kashe ba.

Inda gwaninta take shi ne ki san lokacin da kuɗi ke shiga hannun masu sayen kayan. Sakkwato gari ne na ma'aikata da yawa, don haka kaya masu tsada ki tura su ƙarshen wata da makon farko, tsakiyar wata kuma ki nuna masu sauƙin kuɗi. Sannan ki riƙa duba kalandar Musulunci tare da ta Bature, tunda azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, jadawalin bara ba zai yi miki bana ba. Ga kuskuren da na fi gani: a bari sai goman ƙarshe na azumi a fara tallar atamfar Sallah. A lokacin teloli sun rufe karɓar ɗinki. Mai atamfa kasuwarta tana ci ne tun daga Sha'aban zuwa tsakiyar Ramadan, goman ƙarshe kuwa na mayafi ne da takalmi da turare, abin da ba ya bukatar tela. Mai kilishinki shi nasa lissafin daban ne, tsaraba yake sayarwa, sai ki bi lokutan tafiye-tafiye, kamar tashin ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo hutu.

Ki kai wa Hajiya jadawalin kafin 25 ga wata ta gani ta amince. Sai ki je shago sau biyu kawai a wata, ki ɗauki hotunan mako biyu a zama ɗaya. Da safe za ki je, kafin rana ta take, ki ɗauka a inuwar bakin ƙofa, domin hasken ƙwan fitila na cikin shago yana canza launin atamfa, mai saye ta ga shuɗi a waya a kawo mata wani abu daban. In kin gama gyara, ki shiga Meta Business Suite, manhajar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, kyauta ce, ki jera su a Planner da rana da sa'ar da kowanne zai fita a Facebook da Instagram. Amma kada ki jera ki manta. Kayan da kika ɗauka ranar 2 ga wata yana iya ƙarewa kafin ya fita ranar 12, don haka kowace safiyar ɗori ki tambayi yaron shago ko yana nan. Ranar da aka yi rasuwa a gidan mai shago, ki dakatar da komai. Gaisuwar Sallah kuma ki shirya ta ki ajiye a hannu, sai Fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata sannan ki sake ta.

To, yanzu kuɗi. Alƙaluman da zan kawo misali ne, ki maye gurbinsu da naki na gaskiya. Zuwa shago sau biyu, da hanya da jira, awa 6. Gyaran hotuna 8 da rubutunsu, awa 4. Bidiyo 4, kowanne awa ɗaya da rabi, awa 6. Tsara jadawali da zama da Hajiya awa 2, rahoton ƙarshen wata awa 1. Sitatus na WhatsApp kullum ban da rana ɗaya a mako, kamar awa 4. Sai babban mai cin lokacin da ba wanda yake lissafa shi, amsa saƙonni: rabin awa a rana sau 26, awa 13. Duka awa 36.

Nawa ne awarki? Mu ce kina son ₦120,000 a wata. Kada ki raba ta da duk awoyin aikin wata, domin ba dukansu ake biya ba, akwai neman kwastoma, akwai ranar da ba wuta waya ta mutu, akwai ranar da sabis ya ƙi. Ki ɗauka awa 100 ce za ki iya sayarwa. Awa ɗaya ₦1,200 ke nan, awa 36 kuma ₦43,200. Sai abin da kike kashewa a kan wannan shago: data ₦4,000, keke napep ₦2,000, cajin waya ₦2,000. Wayar ma tana tsufa. Idan ta ₦240,000 ce kuma shekara biyu za ta yi, ₦10,000 take ci a wata, ki raba wa kwastoma biyu, ₦5,000 kowa. Kashewa ₦13,000 ke nan, jimla ₦56,200. Ki ɗan ƙara don gyare-gyaren da ba a rasawa, ki ce ₦60,000.

Ki juya lissafin kan abin da kike karɓa yanzu. Cire ₦13,000 daga ₦15,000, saura ₦2,000 a kan awa 36. Awarki ba ta kai Naira 60 ba.

Na san abin da za ki ce, Hajiya ba za ta tashi daga 15 zuwa 60 ba. Wataƙila ba za ta tashi ba, kuma idan ribar da shafin yake kawo mata ba ta kai haka ba, tana da gaskiya. Amma idan aka nemi ragi, aikin ake ragewa tare da kuɗin. Ki cire amsa saƙonni da sitatus, yaron shago ya karɓa. Ki saita masa WhatsApp Business, ki zuba kayan a Catalog, ki rubuta masa Quick replies na farashi da lambar asusu da yadda ake aika kaya. Awa 17 ta fita, saura 19, wato ₦22,800, da kashewa ₦35,800, ki ce ₦38,000. Yanzu kina da farashi biyu da za ki ajiye mata ta zaɓa, kuma ko wanne ta ɗauka ba ki faɗi ba. Idan ta tsaya a kan 15, abin da 15 take saya zuwa ɗaya ne da hotuna kaɗan, ita ta riƙa ɗorawa. Ki faɗa mata haka cikin ladabi, a shago, ba ta waya ba, da takardar a hannunki.

Wannan lissafi ya kuma nuna miki iyakarki. Awa 100 ba ta ɗaukar cikakken kwastoma uku. In kika karɓi na uku cikakke ke kaɗai, wani zai sha wuya, yawanci wanda ya fi haƙuri.

Yarjejeniyar ba sai ta lauya ba, saƙo ɗaya ya isa, ta amsa da "na yarda". Ki sa yawan ɗori, da ranakun zuwa shago, da lokacin aiki, mu ce tara na safe zuwa Magariba. Ɗorin gaggawa da ba ya cikin jadawali ki sa masa kuɗinsa, kamar ₦2,500 kowanne. Za ki ga kiran sha ɗayan dare ya ragu da kansa. Biya a farkon wata, ko aƙalla rabi, in ba a biya ba zuwa 5 ga wata aiki ya tsaya. Wanda zai bar wani ya ba da sanarwar mako biyu.

Kuɗin talla kada ya shiga cikin kuɗin watanki ko kusa. Idan za a danna Boost post, kuɗin mai shago ne, kuma ki gaya mata tun farko cewa Meta tana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallar da aka biya daga Najeriya, don haka tallar ₦10,000 za ta ci ₦10,750. Kada ki biya da katinki a kan za a mayar miki. Haka nan shafin ya zama mallakinta: ita ce mai cikakken iko, ke kuma ta ƙara ki ta Page access. Kada ki karɓi kalmar sirrinta, domin ranar da aka yi kutse ke za a fara kallo.

Kada ki yi alƙawarin ciniki, tunda ba ke kike sa farashi ba, ba ke kike tarbar mai saye ba. Amma ki ƙirga abin da ya shafi ciniki. Yawan masu danna alamar so ba ya biyan kuɗin hayar shago. A rahotonki ki rubuta mutum nawa suka turo saƙo, nawa suka tambayi farashi, nawa suka saya, yaron shago ya riƙa tambayar sabuwar fuska inda ta ga kayan. Idan saƙo yana shigowa ba a saye, matsalar tana wajen farashi ko jinkirin amsa. Idan ana kallo ba saƙo, ki duba Insights ki ga garuruwan masu bin shafin, wataƙila mutanen nesa kike tarawa waɗanda kuɗin aike ya fi ƙarfinsu.

Mai kilishi kuwa ki ce masa ya ba ki kwana biyu. Ki je wurinsa ki ga aikin da idonki, ki ƙirga awoyinsa kamar yadda muka yi. Kayansa ba sa canzawa kamar atamfa, zuwa ɗaya a wata zai iya isarsa, amma saƙonnin masu son a aika musu Abuja da Legas za su fi yawa, don haka a nan za ki fi sa ido wajen ƙirga. Ki ba shi farashin na wata uku, da sharaɗin za ku sake zama a duba shi in sun cika.