Mota ta wuni a sito, sun ƙi biyan kuɗin jira

"Maigida barka da aiki. Bil ɗin nan da na tura, kuɗin dako kawai masu kayan suka biya, sun riƙe na jira da na mai wai ba su gamsu ba. Alhali direba ya ce tun ƙarfe 7 na safe yake ƙofar sitonsu, sai 5 na yamma aka sallame shi. A ina na kuskure?"

Yaro, "direba ya ce" ɗin nan ita ta kashe ka. Akantan da bil ya je teburinsa bai ga motarka ba, bai san direbanka ba, takarda kawai yake gani, kuma shi ma akwai na sama da shi da zai tambaye shi dalilin fitar da kuɗi. Na duba takardar shaidar sauke kayan da ka haɗa, wadda aka buga POD a samanta, akwai sa hannu akwai hatimi, amma gurbin lokacin shiga da na fita fayau yake ba a rubuta komai ba. To ta tabbatar kaya sun isa shi ya sa suka biya dako, amma ba ta ce mota ta jira ko minti ɗaya ba.

Sannan lissafin naka ma ya zarce. Dimarej, wato kuɗin jira, ba daga sanda mota ta tsaya ake fara ƙirga shi ba, koma ka karanta yarjejeniyar da muka yi da su. Sun ba mu ƙarfe 9 ne na sauke kaya, direba ya yi sammakonsa ya je 7, awa biyun nan tasa ce ba wanda zai biya. Daga 9 kuma suna da awa 4 kyauta na sauke lodi, wato har ƙarfe 1. Abin da za ka nema daga 1 ne zuwa 5, awa 4 kenan, kai kuma ka maka musu 10.

Bari mu sa lamba don ka gani, ko ma wane irin kuɗi ne. A ce dako 1,000, jira 50 duk awa, ƙarin kuɗin mai kashi 12 cikin ɗari. Kai ka haɗa dako da jiran awa 10 ya zama 1,500, ka ɗora kashi 12 a kai ka samu 180, jimla 1,680. Daidai shi ne dako 1,000, mai 120, jira 200, jimla 1,320. A tsarinmu da su kan dako kaɗai ake ɗora ƙarin mai, don tafiyar ce ke shan man, motar da ke fake tana jiran lebura me ta sha? Kuma kason da ake aiki da shi ranar da aka yi lodi za ka ɗauka, ba na ranar da ka zauna rubuta bil ba. Kowanne a layinsa daban, na jiran ka rubuta daga ƙarfe kaza zuwa kaza, awa nawa, a kan nawa, da lambar webil, wato takardar rakiyar kaya, da ta mota, yadda mutum zai duba ba sai ya kira ka ba.

Yanzu gyara. Kada ka kuskura ka ɗau biro ka cike lokacin nan da hannunka, suna da kwafinsu, da sun haɗa biyun suka ga bambanci ka zama mai ƙirƙirar takarda, daga nan duk bil ɗinmu sai sun bi shi da ido biyu. Ka nemi littafin geti nasu, maigadi yana rubuta shigar mota da fitarta, a ɗaukar maka hoton shafin ranar. Ka ciro bayanin tiraka na motar, wato na'urar da ke nuna inda take, in direba ya turo saƙo sanda ya isa shi ma ka haɗa. Tsohon bil ɗin kuma ba a gogewa a sake turawa da lamba ɗaya, takardar ragi za ka rubuta ta 360 ɗin da ka ɗora fiye da ƙima, ka ambaci lambar bil ɗin a ciki, saura 320 kake bin su.

Ni ma ina sabon shiga na taɓa tura bil ban karanta ƙasan takardar ba, ashe mai sito ya rubuta da ƙaramin rubutu katan 3 sun jiƙe, direba bai ce min uffan ba, wata biyu kuɗinmu na maƙale. Saboda haka gobe kafin direbobi su fita ka tara su ka gaya musu, ba mai barin sito sai mai karɓar kaya ya rubuta lokacin shiga da na fita, adadin kaya, da sunansa yadda za a iya karantawa. In ya ƙi rubutawa direba ya kira ka tun yana tsaye a wurin.