Saura kwana nawa a fara azumi? Kada ki bari wayarki ta ƙara miki kwana goma

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da kayan shayi a Aboabo. Na rubuta 18 ga Fabrairu 2026 a kalandar wayata a matsayin ranar fara azumi, na ce ta riƙa tuna mini duk shekara. Yau 1 ga Oktoba, na ƙirga daga ranar da take nuna mini na samu saura kwana 140. Ina zuba susu sidi 20 kullum don sarin sukari da dabino. Ɗana ya ce lissafin ba daidai ba ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Hajiya, ɗanki ya fi ki gaskiya, ki saya masa shayi da burodi. Wannan maɓalli na `Every year` ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka yau ki yi haƙuri, zan ɗan ja zance.

Kalandar da ke cikin wayarki shekarar rana take bi, mai kwana 365, ko 366 duk bayan shekara huɗu. Da kika ce mata ta maimaita duk shekara, abin da ta fahimta shi ne ta dawo miki da 18 ga Fabrairu, ba ruwanta da Ramadan. Shi kuwa azumi wata yake bi. Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar ana samun kwana 29 da rabi da ɗan ɗoriya, wato 29.53. Shi ya sa watanninmu ke zuwa 29 ko 30. Idan aka tara goma sha biyu za a samu kwana 354 da kusan sulusin kwana, sai shekarar Hijira ta zama 354, wani lokaci 355. Kin ga tsakaninta da shekarar Bature akwai giɓin kusan kwana 11, kuma azumi gaba yake matsowa, ba baya ba. Da kin bi wayarki, ranar da za ta yi ƙara ta ce gobe azumi, mutanen Aboabo sun kai azumi goma, masu sayen sukari sun riga sun saya a wurin maƙwabciyarki.

To, a nan ne rabin masu karatu za su ce ai abin mai sauƙi ne, a cire 11 daga ranar bara. Wannan ma ba na so. Ki duba yadda ranakun suka kasance a kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda yawancin manhajojin waya ke aiki da ita. A 2023 Ramadan ya kama 23 ga Maris. A 2024 ya kama 11 ga Maris, ya matso da kwana 12. A 2025 ya kama 1 ga Maris, kwana 10 ke nan. A 2026 kuma 18 ga Fabrairu, a nan ne kaɗai 11 ɗin ta yi daidai. Dalilin wannan tangal-tangal biyu ne. Na farko, shekarar wata tana iya zama 354 ko 355. Na biyu, idan 29 ga Fabrairu ta faɗo a tsakanin azumi biyu, kamar yadda ta yi a 2024, tana ƙara kwana ɗaya a ɓangaren rana. Mai cire 11 ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Hanyar da nake bi, kuma nake so kowa ya saba da ita, ita ce ƙari maimakon ragi. Ki ɗauki ranar da kika fara azumin da ya wuce, ki ƙara mata kwana 354, ki bar na'ura ta ji da watannin Bature masu 30 da 31 da Fabrairu mai rikici. Ɗanki ya buɗe miki Google Sheets ko Excel a waya, ya rubuta waɗannan a gida uku:

```
=DATE(2026,2,18)+354
=DATE(2026,2,18)+355
=DATE(2027,2,8)-TODAY()
```

Layin farko zai ba ki Lahadi 7 ga Fabrairu 2027, na biyu Litinin 8 ga Fabrairu 2027. Na ukun shi ne mai ƙirga saura, kuma yana sabunta kansa duk ranar da kika buɗe. Idan Excel ya nuna kwanan wata a wannan gidan maimakon adadin kwanaki, a mayar da tsarin gidan `Number`. A yi amfani da `DATE` kamar yadda na rubuta, shekara, wata, rana. Kada a buga 8/2/2027 da hannu, domin na'urar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi a matsayin 2 ga Agusta, ta ba ki wata shida kyauta waɗanda babu su.

Yanzu tsakanin 7 da 8 wace za a riƙe? A wannan karon sama da kanta za ta raba gardama. Ranar Asabar 6 ga Fabrairu 2027 za a yi husufin rana, kuma hanyarsa za ta ƙare ne a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma, har da kudancin Gana, dab da faɗuwar rana. Husufin rana ba ya faruwa sai lokacin da wata ya shiga tsakanin rana da duniya, wato daidai lokacin da tsohon wata ya ƙare sabo bai bayyana ba. Watan da ya rufe rana da yammacin Asabar ba zai zama jinjirin da ido zai gani a wannan magaribar ba. Magaribar Lahadi ce ta farko da za a sa ran ganinsa, azumi kuma ya kama Litinin 8 ga wata. Haka Ummul Ƙura ma ta rubuta. Wanda ya fara azumin 2026 ranar 19 ga Fabrairu, idan ya ƙara 354, a kan 8 ɗin zai sauka. Amma Fabrairu lokacin hunturu ne, hazo na iya rufe sama, ana iya cika Sha'aban talatin a wayi gari 9 ga wata. Lissafi hasashe yake bayarwa. Sanarwa ta Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da kwamitin duban wata ce, kuma ita za mu bi.

Bari mu ƙirga naki da hannu, don ki ga ba tsafi ba ne. Daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Nuwamba kwana 31. Nuwamba 30, ya zama 61. Disamba 31, ya zama 92. Janairu 31, ya zama 123, mun iso 1 ga Fabrairu. Ƙara 7 mu kai 8 ga wata, jimla 130. Ba 140 ba. A sidi 20 kullum kina sa ran 2,800, amma abin da zai taru kafin ranar farko 2,600 ne. Kuma ke mai saye da sayarwa ce, ba ranar farko kike buƙatar kuɗin ba. Idan kina so ki shiga kasuwar Kejetiya sari mako biyu kafin azumi, kwana 116 gare ki, wato sidi 2,320. In 2,800 ɗin kike nema dole, ki mayar da zubin sidi 25 tun daga gobe.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Akwai mata da yawa da ke da ramuwar azumi, da marasa lafiya da matafiya da suka sha, suna jinkirtawa suna kallon ranar da waya ta nuna. Mai bashin azumi goma da ta dogara da 18 ga Fabrairu ta ce za ta fara ramuwa ranar 8, ta ga ranar nan ce 1 ga Ramadan. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma maɓalli ɗaya ne ya jawo ta. Don Allah ki goge wannan tunatarwa yau. Ki saka sabuwa a 8 ga Fabrairu 2027, ki zaɓi `Does not repeat`, ki saka wata a tsakiyar Janairu da sunan ramuwa da sari. Duk shekara, ranar ƙaramar Sallah bayan an ci an sha, ki sake saka ta baɗi da hannunki. Daga 1 ga Shawwal zuwa 1 ga Ramadan wata goma sha ɗaya ne, kusan kwana 325. Daga ranar babbar Sallah kuma kusan 257. Waɗannan lambobi biyu sun cancanci a haddace su.

Tambaya: Malam, manhajar salla da ke wayata da ta matata sun sha bamban da kwana ɗaya a kwanan watan Musulunci. Wacce ta lalace? Daga wani tela a Asawase.

Amsa: Babu wadda ta lalace, maigida, kada ka ɗora wa wayar uwargida laifi. Wata tana bin Ummul Ƙura, wata tana bin jadawalin lissafi da ke jera watanni 30, 29, 30, 29 ba tare da duban sama ba. Wasu kuma suna juya kwanan wata da magariba, wasu sai sha biyun dare. Ka shiga saitin manhajar ka nemi wurin gyara kwanan Hijira, ka ƙara ko ka rage ɗaya ya dace da abin da aka sanar a masallaci. Za ka sake dubawa duk farkon wata.

Tambaya: Yallaɓai, na cire ranar yau daga ranar azumi a Excel, sai ya nuna mini wata rana a shekarar 1900. Ɗalibi daga Tafo.

Amsa: Lissafinka daidai ne, gidan ne ke sanye da rigar kwanan wata. Ka mayar da tsarinsa `Number` ko `General`, adadin kwanakin zai fito. Ɗalibi da kwamfuta a gabansa bai kamata ya firgita da wannan ba.

Tambaya: Malam, an turo mana a WhatsApp cewa za a yi azumi sau biyu a 2030. Gaskiya ne ko ƙanzon kurege? Direba daga Sabon Zango.

Amsa: Wannan karon masu turawa sun yi gaskiya, ɗan'uwa. Ramadan na 1451 zai kama a farkon Janairu 2030, wajen 5 ga wata. Ƙara 354 ko 355, za ka sauka wajen 26 ga Disamba na wannan shekarar, farkon Ramadan na 1452. Tunda shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, duk bayan kamar shekara 33 azumi yana zagaye kalandar Bature gaba ɗaya, sai farkonsa biyu su faɗo cikin shekara ɗaya. Haka aka yi a 1997. Tsakanin azumin biyu akwai wata goma sha ɗaya cif kamar kullum, kuma kwana shida kacal na azumin biyun ne za su faɗo a 2030, sauran suna cikin Janairu 2031.