Me ya sa dalar wata shida ta fi ta yau tsada?

Tambaya: Malam, ina da injin casar shinkafa a Argungu. Nan da wata shida zan biya dala 10,000 kuɗin sabon inji. Yau dala naira 1,500 ce, amma banki ya ce in ina son a ɗaure mini farashi tun yanzu, sai dai 1,610. Sun san naira za ta faɗi ne?

Amsa: Alhaji, ba su san gaibu ba. Wannan farashi lissafi ne na kuɗin ruwa a Nijeriya da Amurka, kuma kai ma za ka iya yin sa.

Ka tsaya a matsayin bankin. Ya yi maka alkawarin dala 10,000, ba ya kuma son caca, don haka yau zai sayi dalar ya ajiye. A ce ajiyar dala na kawo kashi 5 cikin ɗari a shekara, wato 2.5 a wata shida. Ke nan dala 9,756 ta ishe shi, tunda kafin ranar biya za ta cika 10,000. A farashin yau, kuɗinta ya kai wajen naira miliyan 14.63. Wannan naira kuwa rance ce, a ce a kan kashi 20 a shekara, wato 10 a wata shida, sai bashin ya zama wajen miliyan 16.1. Raba shi gida 10,000, ga 1,610 ta fito.

```
F = S × (1 + rN × t) / (1 + rD × t)
F = 1500 × 1.10 / 1.025 = 1609.76
```

F farashin da za a ɗaure maka ne, S farashin yau, rN ruwan naira, rD ruwan dala, t kuma wa'adin a ma'aunin shekara. Da wani zai yarda ya sayi dalar wata shida a 1,700, da kowa ya ranci naira ya sayi dala yau, ya sayar masa, ya ci ribar kusan naira 90 a kowace dala ba tare da kasada ba. Rububin masu yin hakan ne ke dawo da farashi kan layi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sa ruwan shekara a wa'adin wata shida, sai ka ga 1,714. In kuma amsarka ta faɗo ƙasa da 1,500 alhali ruwan naira ya fi yawa, to ka kifa lissafin ne.

Sai dai duk wannan na tafiya ne idan dala na samuwa ga mai so a farashin da aka rubuta. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ke da farashi iri-iri, na hukuma daban na 'yan canji daban, lissafin bai cika zama daidai ba. Saboda haka ka tambayi bankin farashin yau da ruwan da ya yi aiki da su, a rubuce. Abin da ya ɗara lissafinka, ladan banki ne, a nan ake ciniki. Hukuncin irin wannan yarjejeniya a shari'a kuwa, wannan na malaman fiƙihu ne, ka tuntuɓe su kafin ka sa hannu.