Fostar da komai nata ya yi girma ɗaya: amsoshin wasiƙunku

*"Ni ce sakatariyar kwamitin iyaye na wata Islamiyya a Zariya. Mun buga fostar walimar saukar karatu, girman A3, kwafi mai yawa. Na sa an ƙara wa kowane rubutu girma da kauri don kada a ce an raina wani. Amma har yanzu mutane na kirana suna tambayar ranar da za a yi da wurin, alhali duk yana jiki. Raina ya ɓaci, kuɗin iyayen yara ne. Ina kuskuren yake?"*

Malama, ki kwantar da hankalinki, niyyarki mai kyau ce, kuma abin yana gyaruwa. Ido ba ya karanta fosta yadda yake karanta wasiƙa, daga layin farko zuwa na ƙarshe. Da ya faɗa kan takarda, abin da ya fita daban yake fara nema: wanda ya fi girma, ko ya fi duhu, ko wanda yake zaune shi kaɗai a fili. Daga nan ne yake gangarowa zuwa na biyu, sannan na uku. Idan komai tsayinsa ɗaya, kaurinsa ɗaya, ido ya rasa ta inda zai shiga. Kamar tashar mota ce da 'yan kamasho goma suke kiran gari goma da murya ɗaya, kina jin ihu amma ba ki ji sunan garinku ba. Shi kuma mai wucewa a adaidaita sahu ba zai sa a tsaya don ya tantance ba.

Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne girma ba ya aiki sai da ƙarami a kusa da shi. Rubutu mai kauri yana jan ido ne saboda na gefensa siriri ne. Ranar da kika kaurara duka, kin kashe amfanin kaurin baki ɗaya.

Ga yadda zan sake tsara miki ita. Takardar A3 faɗinta santimita 29.7 ne, tsayinta 42. Ki zauna da biro ki jera duk abin da ke jiki, ki tambayi kanki: in mutum abu ɗaya kawai zai gani, wanne ne? Amsar ita ce WALIMAR SAUKA. Wannan shi ne mataki na farko, a yi shi layi biyu, haruffa masu kauri, tsayinsu kamar santimita 4. Masu aikin allon talla suna da wani ƙiyasi: kowane santimita biyu da rabi na tsayin harafi yana karantuwa sosai daga nisan mita uku. Ke nan kanunki zai kama ido tun daga mita biyar ko kusa da haka, wato daga tsallaken lungu.

Mataki na biyu rana, lokaci da wuri, da sunan makarantar. Su zauna wuri ɗaya, kada a watsa rana sama wuri ƙasa, tsayinsu rabin na kanu, santimita 2. Mataki na uku shi ne jerin uban taro, uwar taro, babban baƙo, mai masaukin baƙi da lambar waya: santimita ɗaya ko ƙasa da haka, siririn rubutu. Wanda kanu ya tsayar zai matso ya karanta su. Ki lura kowane mataki rabin na samansa ne. In bambancin ɗan kaɗan ne, ido ba ya ɗaukarsa tsari, sai ya zama kamar hannun mai aikin ne ya kuskure. A kuma bar fili a kewayen kanun. Farin wurin nan da kwamiti ke cewa an yi asararsa, shi ne ke ɗaga rubutun.

Maganar raini kuwa, girmamawa ba a tsayin harafi take ba. A jera sunayen manya bisa matsayinsu, da cikakkun laƙabobinsu, a wuri mai tsabta. Ba na jin akwai dattijon da zai fi son sunansa ya cika takarda a kan ya iske filin taro cike da jama'a.

*"Na yi bana ƙafa 4 da 6 ta shagona, mutane ba sa kula ta. Zan sake buga ita ɗin dai, ƙafa 8 da 12. Wane fileks ne, wato ledar da ake buga bana a kai, ya fi kyau?"*

Alhaji, ka rufe aljihunka tukuna. Ana lissafin kuɗin bana ne da murabba'in ƙafa. Ta farko 24 ce, wadda kake shirin yi 96, wato kuɗi ninki huɗu, kuma matsalar ita ma za ta girma tare da banar, tunda sunan shago da jerin kaya ashirin da lambobin waya uku za su ci gaba da zama kai ɗaya.

Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai yi ciniki kamar zai yi faɗa a kan kuɗin mai zane, ya tsaya a kansa yana "ƙara wannan, kaurara wancan, sa ja a nan", sannan ya biya kuɗin bugu mai yawa ba tare da ya ga gwaji ko ɗaya a takarda ba. Abin da ke cikin kwamfuta a manhajar zane ta CorelDRAW, kana zaune dab da shi, komai nasa karantuwa yake yi, shi ya sa yake yaudara. Gwajin kuwa bai kai kuɗin katin waya ba. A buga kwafi ɗaya baƙi da fari, a manna a bango, ka ja baya taku goma ka ƙanƙance ido har rubutun ya dushe. In abu ɗaya ya tsaya fes sauran suka lafa, tsari ya yi. In duk takardar ta koma toka-toka iri ɗaya, kada ka biya ko sisi. Sannan a turo maka hoton a waya ka dube shi yana ƙarami, kafin ka buɗe shi, domin a haka ne mutane za su fara ganinsa a WhatsApp. Ka kuma nuna wa yaron shagon maƙwabcinka na ɗan ƙiftawar ido, ka kife, ka tambaye shi me ake sayarwa. Kuma kada wani ya ce maka yawan kala zai gyara. Kala biyar masu ƙarfi ɗaya cutar ɗaya ce da haruffa masu girma ɗaya. Lambar waya kuma guda ta isa.

*"Ina koyon aikin zane a wani shagon ɗab'i. Na san ya kamata a bambanta girma, amma masu kawo aiki sai su ce a ƙara wa komai. Ina tsoron in yi musu su tafi wani wuri."*

Ɗana, kada ka yi musu da su, ba za ka ci nasara da baki ba. Ka yi biyu: ɗaya yadda suka ce, ɗaya yadda ka sani. Ka buga su ƙanana, ka manna a ƙofar shago, ka ce "Ranka ya daɗe, mu ɗan fita waje mu duba." Da yawa za su zaɓi taka da kansu. In kuma aka ce lallai wani layi bai fito ba, kafin ka ƙara masa girma ka gwada rage na kusa da shi, ko ka buɗa masa fili. Wanda ya nace bayan ya gani da idonsa, yi masa abin da yake so, kuɗinsa ne, amma ka sa ya duba ya amince da gwajin kafin a kai injin.